Hoton da aka cire wa baya: wane suna za mu sa masa?

Mai Zane: Jama'a ina koya wa yara manhajar gyaran hoto ta GIMP a shago, kullum in na zo wajen yanke abu daga hoto a ajiye shi PNG sai bakina ya ɗaure. Cire baya dai mun saba, to shi wurin da aka goge ɗin nan mai gida-gida kamar allon dara, me za mu ce masa?

Ɗan Gwammaja: Farin baya mana, meye na wahala

Malam Na Kwamfuta: A'a ɗan'uwa, sunan nan shi ke ɓatar da yara. Fari ai launi ne. Wurin nan kuwa ba komai, gida-gidan ma manhaja ce kawai take nuna maka. A PNG kowane ɗigo bayan ja da kore da shuɗi yana da lamba ta huɗu daga 0 zuwa 255, 0 ba a ganinsa sam, 255 ya rufe abin da ke ƙasa ruf. JPG ba shi da wannan lambar shi ya sa yake cike wurin da launi. Ni wayam nake cewa.

Maman Humra: Wallahi ni abin ya ci ni, an cire min bayan kwalbar humra aka turo ta WhatsApp, na ɗora kan baƙar fosta sai ga farin akwati zagaye da ita

Malam Na Kwamfuta: Hajiya a matsayin hoto aka turo, WhatsApp ya matse shi ya koma JPG. Ki ce a sake turowa ta Document. Kuma kwalba tana da wuyar sha'ani, gilashi ne, in aka yanke gefe kawai farin da ke leƙowa ta cikinta yana nan, kan baƙi sai ta zama kamar an zuba nono. Sai a zaɓi gilashin kaɗai a yi Colors > Color to Alpha, kar a haɗa da takardar jiki, ita ma za ta koɗe.

Zee: To ai wannan ba wayam ba ne kenan, shara-shara ne irin na mayafi

Mai Zane: Yauwa Zee! 0 wayam, tsakiya shara-shara. Amma Malam wani yaro na danna Delete sai fari ya fito maimakon gida-gida

Malam Na Kwamfuta: Bai sa Layer > Transparency > Add Alpha Channel ba tun farko, shi ke ba hoton lamba ta huɗun nan. In ya zaɓi bayan da Fuzzy Select ya yi Select > Grow da 1 kafin ya goge, in ba haka ba farin zare zai rage a gefe. Ya shimfiɗa ja a ƙasa ya duba, sannan File > Export As.

Ɗan Gwammaja: Ni dai wayam bai kwanta min ba, in na ce wa kwastoma hotonka wayam ai sai ya ɗauka ya goge ne, a bar shi marar baya kawai

Zee: Marar baya kuma kamar zagi 😂