Masu shan wafarin: ganye, shayi da maganin kemis

Mai jinyar mahaifiya: Assalamu alaikum. An sa wa Hajiyarmu ƙofar zuciya ta ƙarfe, tana shan wafarin kullum. Damina ta kama, zogale da rama sun cika kasuwa. A hana ta ne?

Ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam. Kada ku hana ta. Ganye yana ɗauke da bitamin K, shi kuwa wafarin aikinsa tare wa bitamin K hanya don kada jini ya yi saurin daskarewa. Abin da muke gani a asibiti shi ne canjin cima: mutum ya shekara yana cin ganye sau biyu a mako, damina ta zo ya koma kwaɗon zogale kullum, sai INR, wato awon jini da ke nuna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, ya sauka, gudan jini ya samu hanya. Ta riƙe adadin da ta saba, ludayi ɗaya ko biyu, kada ya riƙa hawa da sauka.

Ɗan kasuwa: To ai da sauƙi. Ranar da ta ci ganye da yawa, a ƙara mata rabin ƙwaya.

Mai harhaɗa magani: A'a, Alhaji, don Allah kada a yi haka. Wafarin na ɗaukar kwana biyu zuwa uku kafin tasirinsa ya bayyana, ƙarin yau sai jibi ko gata zai buga. Ni ma maganin kemis ya fi ganye tayar min da hankali. A ce INR ɗin Hajiya yana 3, daidai cikin 2.5 zuwa 3.5 da ake nema wa yawancin masu irin wannan ƙofa. Ciki ya ɓaci, aka sayo Filajil ko Saftirin. Waɗannan suna hana hanta sarrafa wafarin, sai ya taru a jiki. Cikin 'yan kwanaki INR na iya haura 6: dasashi na jini wajen asuwaki, fitsari ja, bayan gida baƙi kamar kwalta. Wannan asibiti ne nan take. Idan shan maganin ya zama dole, likita ya sani, a auna INR kwana 3 zuwa 5 da farawa. Rifamfisin na tarin fuka kuma akasin haka yake yi, saukar da INR yake.

Malamar makaranta: Shayin citta da kanumfari fa? Da zoɓo?

Ma'aikaciyar jinya: Citta a girki ba komai. Mai kauri kofi uku kullum, ko jiƙon mai magani da ba a san haɗinsa ba, shi nake hanawa. Koren shayi mai yawa yana iya saukar da INR.

Mai harhaɗa magani: Zoɓo kam ni na fi son a auna bayan mako idan an fara sha kullum. Ko lafiya lau take ji, kada awo ya wuce mako huɗu sai da izinin likita, domin INR kan kauce jiki bai nuna komai ba.

Mai jinyar mahaifiya: Na gode. Awonta na ƙarshe tun kafin azumi ne, gobe da safe za mu je.