Enaji a kan giya: yana kashe maye ko ɓoye shi yake?

Bulus Sabo: Jama'a ku raba mana gardama, jiya a Sabon Tasha wani abokina ya dage wai in ka zuba enaji a cikin giyar jin ba ka buguwa, enajin yana kashe ƙarfin giyar ne shi ya sa mutum yake kaiwa asuba garau. Gaskiya ne ko dai yaudarar kai ce?

Dogo Mai Sharon: Abokinka bai yi ƙarya ba. Ni ba na sha amma ina kwana da masu sha a gareji, wanda ya sha zalla ƙarfe sha ɗaya ya fara gyangyaɗi yana zuba surutu, wanda ya haɗa da enaji kuwa idonsa tar har ya taya ka lissafin kuɗin fasinja. Ido ba mudu ba ai ya san kima

Maman Ihsan: Innalillahi wai enaji akwai giya a ciki?? yarana suna sha fa lokacin jarabawa

Bulus Sabo: A'a Maman Ihsan ba haka na ce ba, haɗawa ake yi. Sai dai akwai na gwangwani da ake sayarwa an riga an haɗa da vodka, shi kam a duba jikin gwangwanin za a ga an rubuta kason alkohol

Sista Ladi: Oga Dogo abin da ka gani gaskiya ne, fassarar ce ba daidai ba. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa ana ce masa adenosin, tun da ka tashi da safe yake taruwa, shi ne yake sa ido ya yi nauyi da dare. Giya tana ƙara masa ƙarfi shi ya sa mashayi yake gyangyaɗi. Kafeyin ɗin da ke cikin enaji kuma zuwa yake ya zauna a gurbin da adenosin yake kamawa, sai saƙon barcin ya rasa ƙofar shiga. Iyakar aikinsa kenan, bai taɓa alkohol ɗin da ke yawo a jini ba ko ɗigo. Hanta ce take ƙone kusan dukkansa kuma ita ba ta sauri don kowa, wajen giram 8 zuwa 10 a awa ga babban mutum, ka sha enaji ka sha kofi ka watsa ruwan sanyi duk ɗaya ne a wurinta. Kamar direba ne ya ga fitilar mai ta kama a dashbod sai ya liƙe ta da salatif, tankin ai bai cika ba

Dogo Mai Sharon: To Sista in mutum yana tafiya daidai yana magana daidai ina mayen yake? maye ai gani ake yi

Sista Ladi: Zaune kake ganinsa yana hira. Sa shi ya taka layi ɗaya ƙafa gaban ƙafa, ko ka jefa masa makulli ba shiri ka gani. Barcin ne ya tafi, amma saurin taka birki da auna tazara da sanin ya kamata duk suna nan a lalace. Mu a imajensi wanda ya fi ba mu wahala shi ne wannan, yana warin giya yana rantsuwa shi lafiyarsa ƙalau, zuciya na bugawa fat fat fat sama da 100 a minti, hannu na rawa, ga kai a fashe

Malam Auwal: Ni duk wannan lissafin ban ga amfaninsa ba, abu haramun ne da enaji ko babu enaji, a bari kawai

Bulus Sabo: Malam ba musu a nan, amma ko kai ba ka sha kana shiga mota, kuma ba ka san abin da direban ya kwana yana yi ba

Yakubu Barnawa: Bari in ba ku nawa tunda na bari shekara uku kenan ba abin ɓoyewa. Da ƙaramar kwalbar jin ɗaya nake sha mai 20cl, in na fara ƙarfe tara kafin sha ɗaya kaina ya yi nauyi sai in nemi keke in tafi gida, barcin nan shi ne yake kora ta gida ban sani ba. Da aka koya min haɗawa da enaji abu biyu ya canja, na farko ɗacin nan da ƙunar maƙogwaro suka ɓace saboda sukari, kana kurɓa kamar lemo ba ka ma lissafi, na biyu sha ɗaya ta yi ban ji komai ba sai in ce yau giyar ba ta da ƙarfi a ƙaro wata. Ƙarfe biyu na dare ina zaune, kwalba biyu gwangwani biyu. Ranar da na daina, shida na safe na ɗau mashin zan kai ƙanwata Kawo, ni a raina na warware, wajen juyawa a shataletale na ga dutsen gefen titi sarai amma hannuna bai bi ni ba. Ita ce ta karye a hannu ba ni ba, har yau in na ga tabon raina ɓaci yake

Sista Ladi: Allah ya kiyaye gaba Yakubu. Ka ga lissafin naka, jin mai kashi 40 a kwalbar 20cl alkohol ɗin ciki ya kai giram 63, biyu kenan 126. Ko mun ce hantarka jaruma ce tana cin 10 a awa, daga tara na dare zuwa shida na safe awa tara, ta ƙone 90, saura sama da 30 a jikinka lokacin da ka hau mashin, ya fi kwalbar biya babba guda. Da ɗaya ka sha kamar da, kafin huɗu na asuba ta gama. Ga shi gwangwani biyu, irin Red Bull mai 250ml kafeyin 80mg ne kowanne, kuma rabinsa yana kai awa biyar bai bar jini ba, wato ɗan barcin da ka yi ma ba na kirki ba ne

Injiniya Faruk: Anti Ladi na yarda da batun hanta, amma batun Yakubu na cewa haɗin "yana sa a ƙara sha" ɗin nan ina da ja. Ai mai neman enaji a mashaya dama can ya fito da niyyar kwana ne. Wataƙila masu yawan sha ne suke haɗawa, ba haɗawar ce ta mai da su masu yawan sha ba

Sista Ladi: Wannan ja ne mai kyau kuma masu bincike ma sun rabu a kai, wasu sun kwatanta mutum ɗaya daren da ya haɗa da daren da bai haɗa ba suka ce bambancin ba yawa, sai dai wasu daga cikin irin waɗannan binciken kamfanin enaji ne ya ba da kuɗin, ni dai ina karanta su da ido ɗaya a buɗe. Wasu kuma a gwaji sun ga wanda aka ba haɗin ya fi jin sha'awar ƙari. A Amurka hukumar kula da abinci da magunguna FDA a Nuwamba 2010 ta gargaɗi masu yin giya mai kafeyin irin Four Loko har suka cire kafeyin ɗin

Injiniya Faruk: Cirewa ai ba hujja ba ce, hukuma tana iya hana abu don tsoro kawai

Yakubu Barnawa: Injiniya ni dai mutum ɗaya ne, daren da ban haɗa ba kwalba ɗaya, daren da na haɗa biyu. Ka sa ni a lissafinka

Injiniya Faruk: Na sa ka ɗan uwa, amma kai ma ka ce abokai ne suka koya maka, ko zaman nasu ne ya riƙe ka ba gwangwanin ba?

Dogo Mai Sharon: Ni tambayata daban ce Sista, in yaron mota ya zo min da asuba ido tar ya ce a ba shi makulli zuwa Abuja, ta ya zan gane?

Sista Ladi: Kar ka duba idon. Matso kusa ka shaƙi numfashinsa, cingam ba ya rufe shi duka, sannan ka tambaye shi ƙarfe nawa ya kwanta. In biyu ta wuce yana sha, na asuba ba nasa ba ne, ba wa wani makullin

Maman Ihsan: To ni yanzu na yaran nawa fa, in hana su ko in bar su?