Neman kalmar Hausa: yunit tes, intigireshan tes da en-tu-en

Mai tambaya, Gombe: Assalamu alaikum. Ina koya wa matasa rubuta manhaja da Hausa, yanzu muna haɗa wadda wani dillali a Tudun Hatsi zai riƙa sayar da masara da ita. Mun zo kan gwaji, kalmomin nan uku sun tsaya mini. Me za mu kira su? Kuma da wanne ake farawa?

Malamin firamare, Kumo: Wa alaikumus salam. Ai tes jarrabawa ce, Malam. Ta mako, ta zango, ta ƙarshen shekara.

Mai tambaya: Na gode Malam, amma ba ɗalibai ake jarrabawa ba. Ƙaramar manhaja ake rubutawa ta binciki babbar.

Injiniya, Bauchi: Mu ɗauki masarar taka, sunan zai fito daga aikin. A ce buhu naira 45,000 ne, wanda ya sayi goma ko fiye ana rage masa kashi 5 cikin ɗari. Yunit tes shi ne ka ware aikin da ke lissafa jimla shi kaɗai, babu intanet, babu rumbun bayanai, ka ba shi lamba ka duba amsarsa:

```python
def test_jimla():
    assert jimla(9, 45000) == 405000
    assert jimla(10, 45000) == 427500
```

Da gangan na zaɓi 9 da 10, domin a bakin iyaka kuskure ke ɓuya. Idan yaro ya rubuta `>` maimakon `>=`, mai buhu goma cif ba zai sami rangwame ba, kuma da ka buga `pytest`, umarnin da ke gudanar da gwajin, `assert` na biyu zai faɗi nan take. Ina kiran wannan gwajin ɗai-ɗai.

Ɗalibar kwamfuta, ATBU: Yaya Injiniya, mu a aji gwajin gaɓa muke cewa. Kuma a fahimtata idan kowace gaɓa ta ci gwajinta, manhaja ta tsira.

Injiniya: Ƙanwata, gaɓa tana da daɗin faɗi, sai dai fuska biyu gare ta. Akwai gaɓar rake, wato yanki guda, akwai kuma gaɓar da ƙashi ke haɗuwa da ƙashi, sai mai koyo ya rikita na farko da na biyu. Maganar tsira kuwa, a nan nake so ki tsaya. Jimla ta ba da 427500, daidai, a naira. Amma akwai kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet da ke son adadi a kobo. Idan sashen biya ya miƙa lambar yadda take, naira 4,275 za a cire wa mai saye a kan buhu goma. Kowane sashe ya ci gwajinsa, dillali ya yi asara. Abin da zai kama wannan shi ne gwajin da ya haɗa sassan biyu, ya tabbatar 42750000 ce ta fita. Shi ne intigireshan, ni gwajin mahaɗa nake ce masa, don a mahaɗar ake samun ɓarakar.

Mai shagon POS, Dukku: Wallahi makamancin haka ya same ni. An yi mini manhajar lissafi, rasit yana nuna wani abu, jimlar yamma tana nuna wani. Wane gwaji ne zai kama nawa?

Injiniya: Alhaji, ya danganta. Idan wurare biyu ne ke lissafin kowanne da kansa, na mahaɗa zai kama. Ka tambayi wanda ya rubuta ko da lamba mai ɗigo yake ajiye kuɗi. Gara a ajiye shi a kobo, cikakkiyar lamba.

Na ukun kuwa, wato en-tu-en, kayan aiki irin Playwright ko Selenium ne ke buɗe burauza, su zaɓi buhu goma, su danna biya, su duba rasit, kamar yadda mutum zai yi. Yana da nauyi, yakan faɗi don kawai shafi ya yi jinkirin buɗewa, kuma idan ya faɗi ba ya nuna maka inda ciwon yake. Shi ya sa Mike Cohn, a littafinsa na 2009, ya zana su kamar dala: na ɗai-ɗai da yawa a ƙasa, irin wannan kaɗan a sama.

Ɗalibar kwamfuta: To a ce gwajin farko-har-ƙarshe.

Malamin firamare: Ya yi tsawo a baki, 'yata. Gwajin gaba ɗaya fa?

Injiniya: Gaba ɗaya zai sa a ɗauka an gwada komai, alhali hanya guda aka bi. Na fi karkata ga nata.

Mai tambaya: Saura da wanne zan fara da yaran.

Injiniya: Fara da inda kuɗin dillali zai salwanta. Gwajin ɗai-ɗai na jimla tukuna, da 9, da 10, da sifili. Sai na mahaɗa guda tsakanin jimla da biya, a yanayin gwaji na kamfanin, ba da kuɗin gaske ba. Na ukun guda ɗaya ya isa, daga zaɓen buhu zuwa rasit. Launin maɓalli ya jira.

Ɗalibar kwamfuta: Ni da na ukun zan fara, Yaya, idan tsohuwar manhaja na gada wadda ba ta da gwaji ko ɗaya. Sassanta a cakuɗe suke, ba sa waruwa.

Injiniya: Wannan kam kina da hujja.

Mai tambaya: Na ɗauki ɗai-ɗai da mahaɗa. Na ukun zan kai wa yaran sunayen biyu ranar Asabar, in ji wanda ya zauna a bakinsu.