Wai bashi ma kadara ne?

Nura: Jama'a ku taya ni ji. Na buɗe shagon atamfa a Kantin Kwari, kayan naira miliyan uku a jere, sai kawuna ya aiko min da wasiƙa wai arzikina bai wuce miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ba. Ya ce in raba takarda gida biyu. Gefe ɗaya kadara: kayan shago, dubu 200 da ke banki, da dubu 400 da nake bin mutane. Ɗaya gefen abin da ake bi na: miliyan 1.8 na dila, da dubu 500 da Yaya ta ranta min. Wallahi raina ya ɓaci, ko barka bai yi min ba.

Sagir: Tun daga kadara kawu ya kauce. Kadara ai gida ne ko fili ko gona. Kuɗin da ke aljihun wani ya zama kadara?

Hajiya Binta: Sagir, haƙƙinsa ne, dole a rubuta. Kawunka ya yi lissafi daidai, Nura: miliyan 3.6 a cire 2.3. Tambayata ɗaya, miliyan ukun nan kuɗin sari ne ko kuɗin da kake sa ran sayarwa? In na sayarwa ne, ribar da ba ka ci ba ka ƙirga. Sannan turmin da yayinsa ya wuce bayan salla, sai ka karya farashi kafin ya fita.

Sagir: Da girmanki Hajiya, amma je ki cefane da haƙƙin mu gani.

Auwalu: Sagir ya yi gaskiya. Ni a Singa wani ya kwashi katan ashirin na taliya, yau shekara biyu, lambarsa ma ba ta shiga. Wannan ce kadarar?

Hajiya Binta: Wannan ya mutu, sai a soke shi daga littafi. Wanda ke biya duk Juma'a daban ne.

Malam Ibrahim: Kawu ne ko baffa? In wan mahaifinka ne, baffa ake cewa.

Nura: Ƙanin mahaifiyata ne, Malam.

Auwalu: Shi ya sa. Kuɗin 'yar ɗakinsu yake karewa.

Nura: Yayata ce fa ta ba ni, ba Umma ba. Kar ka sa iyayena a ciki.

Auwalu: Kai ka kawo maganar gidanku kasuwa.

Sagir: Bari in taƙaita tunda Magariba ta yi. Kusan kowa ya yarda bashi ba kadara ba ne sai ya shigo hannu, Hajiya ma ta amsa da bakinta cewa ana soke shi. Saboda haka a cire dubu 400 ɗin nan, abin Nura dubu 900 ne.

Hajiya Binta: Ban faɗi haka ba. Nura, har yanzu ba ka gaya min sari ne ko sayarwa ba.