Neman kalma: me za mu kira wutar da kwamfuta ke ja da gaske?

Mai_Haɗa_Kwamfuta: Jama'a, ina rubuta bayani kan zaɓen inbata ga masu kwamfutar wasa ta tebur, na tsaya a kalma ɗaya. A manhajar GPU-Z akwai layin da ke cewa `Board Power Draw`, wato wutar da katin hoto ke ja a daidai lokacin. Ina son kalmar da za ta raba wannan da lambar da ke jikin akwatin wutar kwamfuta, don mutane na ganin wat 750 su ɗauka kullum haka take ja. Na rubuta "cin wuta", amma bai kwanta min ba.

Ɗan_Zariya: Cin wuta kam a'a, wani zai zaci ƙonewa ta yi. Ka sa "shan wuta". Ai haka muke cewa dutsen guga na shan wuta.

Tsohon_Mai_Waya: Ɗan'uwa, shan wuta na da wurinsa, amma ba nan ba. Kamar shan mai ne a mota, sai an yi tafiya ake sanin nawa ta sha. Shi ne abin da mita ke cirewa a kati, shi ne kuma ke ƙarar da batir. Abin da Malam ke nema shi ne "jan wuta", nawa take ja yanzu-yanzu, ana auna shi da wat. Girman inbata da ja ake zaɓarsa, girman batir kuma da sha.

Ɗauki kwamfuta mai furosesa Ryzen 5 5600 da katin hoto RTX 3060. Katin yana tsayawa wajen wat 170, furosesa ba ta kai 80 ba. Ka ƙara sauran kayan ciki da asarar da akwatin wutar ke yi wajen juya wuta, za ka ga wajen wat 300 a soket lokacin da wasa ya yi zafi. Allo da na'urar intanet su kai ka 350. Wat 750 ɗin nan iyakar abin da akwatin zai iya bayarwa ne kawai. Kuma Malam, kada ka dogara da manhaja kaɗai, katin kawai take nuna maka. Sa ƙaramar mitar wat tsakanin soket da filogi, ka kunna wasa mafi nauyi na rabin awa, ka rubuta lamba mafi girma.

Hajiya_Gem: To Baba, ni tawa kusan irin wannan ce, an sa min inbata mai 1kVA, amma da an ɗauke wuta sai ta mutu ta sake tashi. Ke nan ya yi kaɗan? Mai shago ya ce in koma 2.5kVA.

Tsohon_Mai_Waya: Hajiya, kada ki kashe kuɗi tukuna. Inbata mai 1kVA yakan ba da wajen wat 800, duba jikinsa ki tabbatar, ke kuma ba ki kai rabi ba. Da nauyi ne ya yi masa yawa, ƙara zai yi ya nuna `Overload`. Tunda daidai lokacin ɗauke wuta take mutuwa, jinkirin sauyawa zuwa batir nake zargi. Akwatin wutar kwamfuta na iya riƙe kansa wajen milisakan 16 ne kawai, wasu inbatocin kuma sukan wuce haka. Nemi saitin `UPS`, yana saukar da jinkirin zuwa wajen milisakan 10. Ki kuma duba ko an rubuta `Pure Sine Wave` a jikinsa, don wasu akwatunan wuta na zamani ba sa jituwa da ɗaya nau'in, wato `Modified Sine Wave`.

Ɗan_Zariya: Na yarda da "ja". To indai 350 ne, inbata mai wat 400 ya isa ke nan, a huta.

Mai_Haɗa_Kwamfuta: A takarda ya isa, amma ni ba zan ba kowa wannan shawarar ba. Katin hoto yakan yi wani tsalle na ƙiftawar ido sama da lambarsa, mitar soket ba ta ma kama shi. Ga kuma lokacin kunnawa. Ina so a bar aƙalla kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari a sama, wato wat 500 zuwa sama. Wannan tsallen na sa masa "fizga".

Tsohon_Mai_Waya: Fizga ta zauna. Ga lissafin sha kuma: batir mai ruwa na bolt 12, 200Ah, yana ɗauke da 2400Wh. Rabi za ka taɓa in kana son ya daɗe, inbata ya ci nasa kason, saura wajen 1000. Raba da 350, awa uku ke nan ba cikakku ba.

Hajiya_Gem: Na sami saitin, yana kan `APL` ne, wato na kayan gida, na mayar `UPS`. Sai an ɗauke zan gani. Amma wannan da ake bari a sama fa, me sunansa? Ni "rara" zan ce.

Ɗan_Zariya: Rara kamar abin da ba a buƙata ne, mai saye zai ce a cire masa ita. Ni na fi son "sarari".

Mai_Haɗa_Kwamfuta: Na rubuta jan wuta, shan wuta da fizga. Tsakanin rara da sarari ina jiran masu haɗa sola su faɗi wadda suke gaya wa kwastoma.