Zan rabu da dilan fulawata bayan shekara huɗu, amma akwai kuɗi a tsakaninmu

Mai Biredi, Zariya:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan gidan biredi, kuma shekara huɗu ke nan wajen dila ɗaya nake sayen fulawa da sukari a Kasuwar Singa ta Kano. Bana abin ya lalace. Sau uku kaya na makara har na kashe wuta na sallami yara. Na fara ɗora buhu a sikeli, sai in ga mai kilo 50 ya ba ni 47, wani 46, kuma zaren ɗinkin bakinsa ba irin na kamfani ba ne. Na gaji.

Ga yadda lissafin yake. Na tura masa kuɗin buhu 100 a kan naira 58,000, wato 5,800,000. Ya kawo 70, saura 30. A cikin 70 ɗin, shida sun sha danshi, fulawar ta dunƙule, suna nan jingine a sito ban taɓa su ba. Shi kuma yana bi na 800,000 na sukari buhu goma. Yanzu fulawa ta koma 64,000. Wanda ya taɓa fita daga irin wannan ba tare da an yi baram-baram ba, ya faɗa min yadda ya yi.

Hajiya Mai Kaji:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai, kana da wanda zai kawo maka fulawa gobe? Ni a nan na yi kuskure. Mai kawo min abincin kaji ya ɓata min rai, na ɗauki waya da zafina na ce masa kar ya ƙara tako min gona. A lokacin abincin kwana biyar ya rage min, kaji dubu biyu suna ƙwai. Na shiga kasuwa na sayi wanda na samu, wani iri daban, aka canza musu a rana ɗaya, ƙwai ya faɗi, ya fi sati biyu bai dawo daidai ba. Kuɗina na buhu ashirin da ke hannunsa kuwa sai da na yi wata huɗu ina zarya, don tun da ya san na tafi, me zai sa ya yi sauri? Da na sani, da na gwada sabon mutum da ƙaramin oda sau biyu ko uku tukuna, na karɓe kayana, sannan in yi sallama.

Ɗan Sabon Gari:
Baba ai abin mai sauƙi ne. Kar ka ba shi ko sisi na sukarin nan, ka riƙe. In ya yi gardama ka kai shi ofishin 'yan sanda, rage buhu ai zamba ce. Kwana ɗaya a bayan kanta zai fito da kuɗinka.

Tsohon Akawu:
Yaro, rabin maganarka ce daidai. Kar ya tura kuɗin sukari yanzu, wannan gaskiya ne, amma ba riƙewa zai yi ba, a lissafi za a cire. Batun 'yan sanda kuwa, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Kuma dilan da ka sa aka kulle, ko ya biya ka, duk layinsu sun ji, gobe ba mai ba ka kaya bashi.

Malam Mai Biredi, na yi shekaru ina riƙe wa wani mai sarin kayan masarufi littafi, mun rabu da masu kawo mana kaya da dama. Abin da na koya shi ne, ba a fara da maganar rabuwa, da lissafi ake farawa. Ka kira shi ka ce kana son ku zauna ku daidaita littafi. Kafin ka je, ka fitar da takardar banki ta watannin nan, ka haɗa rasit da webil, wato takardar da ke rako kaya, na kowace mota, ka rubuta a takarda ɗaya gida biyu: abin da kake bin sa, da abin da yake bin ka. Ka tura masa hotonta kwana biyu kafin zaman, ya duba da nasa littafin, don kar ku je ku ɓata yini a kan buhu ɗaya.

A naka, buhu 30 a kan 58,000 sun kama 1,740,000. Cire 800,000 na sukari, saura 940,000. Wannan shi ne abin da ba gardama a kansa. Buhu shidan nan, 348,000, ka sa su a layi daban, domin a kansu za a ja. In ya amince da su, jimilla ta zama 1,288,000. Kar ka cakuɗa biyun. Na sha ganin mutum ya hana kansa karɓar miliyan da ba a musu a kanta saboda ya kafe a kan dubu ɗari uku da ake musu. Ka karɓi wanda aka yarda da shi, ka rubuta a rasit cewa wannan wani ɓangare ne, saura maganar buhu shida. In ka sa hannu a takardar da ta ce an gama biya duka, ka rufe wa kanka ƙofa.

Ranar zaman ka je da mutum ɗaya, shi ma ya kawo nasa. A rubuta abin da aka cimma da ranar cikawa, kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Ayar bashi a Suratul Baƙara, ta 282, ai abin da ta ce ke nan: a rubuta, a kafa shaidu. Mu ne muke jin kunyar takarda don wai an saba.

Dila a Singa:
Bari ku ji daga ɓangarenmu, don ina ganin za a yi wa ɗan'uwana hukunci ba ya nan. Ban san shi ba, ba kuma na ce bai yi laifi ba. Amma Malam, ranar da aka sauke kayan, wa ya sa hannu a webil? In yaronka ya sa hannu cewa ya karɓi 70 lafiya, bayan sati biyu ka ce shida sun jiƙe, ta ina zan san ba sitonka ne ke yoyo ba? Ragin kilo ma ba kullum daga shago yake ba. Na taɓa rasa kwastoma na shekara shida a kan haka, daga baya na gano direba da yaron mota ne ke farke buhu a hanya suna ɗiba suna sake ɗinkewa. Bai taɓa faɗa min ba, kawai ya daina zuwa, sai a bakin wani na ji wai ni ɓarawo ne. Wannan ya fi min asarar cinikin ciwo.

Makara kuma, wani lokaci mun biya kamfani ne mota ba ta samu lodi ba. Wani lokacin kuwa, gaskiya, dila ya juya kuɗinka ne ya sallami wanda ya fi ka matsa masa. Yadda za ka gane: ka je shagon ba tare da sanarwa ba. In akwai fulawa jibge ana loda wa wasu a kan sabon farashi, to naka 30 ɗin ne yake jin nauyin bayarwa a tsohon kuɗi.

Mai Biredi, Zariya:
Alhaji, yarona ne ya sa hannu, bai rubuta komai ba. Amma na ɗauki bidiyo washegari na tura wa dilan, ya amsa da "za mu duba". Saƙon na nan. Kuma na je shagon ranar Talata, akwai kaya.

Maman Biyu:
Malam ka riƙa ɗora fulawa a kan katako, kar ta taɓa ƙasa ko bango, musamman da damina. Ni tunda na fara haka ba ta ƙara dunƙule min ba.

Hajiya Mai Kaji:
Maman Biyu, ba ajiya yake tambaya ba, a jiƙe aka kawo masa su.

Ɗalibin Zaure:
Akwai abin da ban ji an taɓa ba. Baba Akawu ya yi lissafi a kan 58,000, kamar dai kuɗi za a mayar. To amma Malam ba kuɗi yake bi ba, buhu 30 yake bi. In aka ba shi 1,740,000 yau, buhu 27 kawai zai saya da ɗan canji, asarar 180,000 ta hau kansa alhali ba shi ya makara ba. Yadda muka karanta, wanda ya biya kuɗi gaba don a kawo masa kaya, kayan ne haƙƙinsa muddin ana samunsu a kasuwa. In kuma suka zaɓi warware cinikin, uwar kuɗinsa zai karɓa ba ƙari, don an hana sayar da abinci kafin a karɓe shi a hannu. Karɓar 64,000 a kan buhun da bai shigo hannunka ba ya yi kama da hakan. Shi ya sa ni da zan ba da shawara, ka nemi buhunanka, ka biya sukarinsa daban. Maganar warware rabi a bar rabi tana da zurfi a littattafan Malikiyya, a kai wa malami.

Tsohon Akawu:
Ka yi gaskiya a kan haƙƙi, Malam. Ni abin da nake dubawa, mutumin da ya makara sau uku, in ka ce sai buhu, ka ƙara ɗaure kanka da shi wata biyu. Wani lokaci 180,000 kuɗin sayen kanka ne. Sai dai tun da an ga kaya a shago, ga hanya: a sa rana ɗaya, Mai Biredi ya je da motarsa da sikelinsa, a auna a gabansa a loda, a nan take ya tura 800,000. Hannu da hannu. In dila ya ce zai ba da cak mai kwanan wata na gaba, ka sani ba da cak ɗin da babu kuɗi a asusu laifi ne a dokar Najeriya tun 1977, amma dokar ba za ta toya maka biredi ba ranar da ya dawo. In zaman ya ƙi, sai shugabannin kasuwa, su yake jin kunya. Bayan su akwai kotun ƙananan basussuka a Kano, ba lallai sai da lauya ba.

Dila a Singa:
In ka zo sallama, ka faɗa masa dalili a fuskarsa, ku biyu, ba a gaban yaransa ba. Kar ka ce "zan neme ka" alhali ka san ba za ka neme shi ba, don zai iya sa ka a lissafin odarsa ta wata mai zuwa. Kuma ranar da fulawa ta yi wuya a gari, wataƙila shi kaɗai ke da ita.

Mai Biredi, Zariya:
Na gode muku duka. Ga yadda ta kaya. Mun zauna ranar Asabar, ni da ƙanin mahaifina, shi da maƙwabcin shagonsa. Littafinsa ya nuna 72 ya kawo, nawa 70, sai da muka baje webil uku a kan benci aka ga an ƙirga buhu biyu na wani a cikin nawa. Ya yarda. Ranar Litinin na je da mota, aka auna 30 ɗaya bayan ɗaya, biyu suka gaza aka canza su, na tura masa kuɗin sukarinsa muna tsaye. Sannan na ja shi gefe na faɗa masa daga yau zan gwada wani wuri, na kuma faɗi dalili. Bai ji daɗi ba, ya ce shekara huɗu ba kwana huɗu ba ce, amma mun yi musabaha.

Buhu shidan ne har yanzu. Ya ce zai ɗauki uku, in ɗauki uku, tunda yarona ya sa hannu. Ƙanin mahaifina ya ce in karɓa a wuce wurin. Ni kuma bidiyon nan da "za mu duba" ɗinsa suna ci min rai. Mun rubuta cewa za a yanke nan da ƙarshen wata.

Ɗan Sabon Gari:
Ni dai da ba zan bar masa ko ɗaya ba.

Hajiya Mai Kaji:
Kafin ƙarshen watan ma ƙwari sun shige su, Malam. Ka tambaye shi wa zai biya kuɗin motar mayar da ukun Kano, don wannan ma ba ku rubuta ba.