An ƙi tashar dambe saboda "reused content": a goge ko a ɗaukaka ƙara?

Sagir: Jama'a, YouTube sun ƙi saka tashata a tsarin biyan kuɗi, wai "reused content", wato sake ɗora aikin wasu ba tare da ƙara komai ba. Dambe nake ɗauka da kyamarata, ni nake tacewa. Wani ya ce in goge bidiyoyin da suka fi tashe sannan in tura musu saƙon ƙorafi. Haka ne?

Bala: Gaskiya ya faɗa maka. Goge duk wanda kake zargi, ka tura musu takardar izini daga masu filin damben. Suna ganin izini magana ta ƙare.

Hajiya Rabi: Malam Bala, nan kam ban yarda ba, duka biyun. Mai duba ƙarar yana kallon tashar ne yadda take a ranar, kuma su da kansu sun ce kada a goge komai kafin a ɗaukaka ƙara. In ka ce kuskure aka yi maka, sannan aka tarar ka share bidiyo goma, ai ka amsa laifi da hannunka. Ga kuma awannin kallon da ke kan bidiyon, da su za su tafi, sai mutum ya faɗo ƙasa da awa 4,000 na kallo da ake buƙata a tsarin biyan kuɗin.

Izini kuwa maganar haƙƙin mallaka yake warwarewa. Dokar "reused content" daban ce. Tambayarta ita ce: mai tashar ne ya yi aikin, ko ya ƙara wani abu nasa a kai? Mutum na iya riƙe izini a hannu, babu gargaɗin keta haƙƙin mallaka ko ɗaya, a ƙi shi.

Bala: To in aikinsa ne, me ya sa aka ƙi shi tun farko?

Hajiya Rabi: Saboda mai dubawa bai ga alamarsa ba. Bidiyon dambe ba fuskar mai ɗauka, ba muryarsa, sai kiɗa da ihun 'yan kallo. Ka haɗa da tambarin TikTok in daga can aka sauko da shi, ga tashoshi biyar sun kwafa sun saka. Wanda ke kallo daga nesa ba zai gane wane ne na asali ba.

Ɗanlami: Nima an cire min kuɗin bidiyo ɗaya saboda waƙa, kwana nawa ake jira?

Usman: Ɗanlami, naka da'awar mai waƙa ce, ba wannan ba ce. Sagir, kwana 21 gare ka daga ranar da aka ƙi ka. Shiga YouTube Studio, ɓangaren Earn, nan za ka ga hanyar ɗaukaka ƙara. Ka yi sabon bidiyo ƙasa da minti 5, ka ɗora a kan tashar da aka ƙi, ba wata ba, ka sa shi Unlisted, wato sai mai adireshin bidiyon ne zai iya gani. In ka sa Private ba za su iya buɗewa ba. Adireshin tashar ya bayyana cikin daƙiƙa 30 na farko.

Abin da za ka faɗa kusan haka ne: "Ni ne mai wannan tasha. Ga bidiyona da ya fi samun kallo. Ga ɗanyen hoton da na ɗauka na minti 40 a kan kati, da ranar ɗauka. Ga shi a cikin CapCut, nan na yanka, nan na sa sunayen 'yan damben." Kowace jimla ido ya ga shaidarta a allo. Ka yi haka da bidiyo uku: wanda ya fi kallo, wanda ya fi tara awanni, da sabo, don irinsu ake dubawa. In akwai hotonka riƙe da kyamara a bakin fili, sa shi. Labarin wahalar da ka sha da kuɗin data, bar shi a gida, minti biyar ba ta da yawa.

Sagir: Da Hausa zan yi?

Usman: Ka yi da Turanci, ko ka yi da Hausa ka rubuta fassarar Turanci da hannunka a ƙasa. Ba sa karɓar wadda na'ura ta fitar da kanta. Amsa tana zuwa cikin kwana 14.

Bala: Ni dai har yanzu ina ganin jira ya fi. Wanda aka ƙi a karon farko, bayan kwana 30 zai sake nema. Ya gyara tashar, ya sa sharhi da muryarsa, ya huta da roƙo.

Hajiya Rabi: Ga wanda ya cakuɗa nasa da na mutane, maganarka ce daidai, Malam Bala. Amma in aka sake ƙi, jiran ya koma kwana 90. Sagir, tsakaninka da Allah, duka bidiyoyin kai ka ɗauka?

Sagir: Ban da guda huɗu, Hajiya. Abokina ya turo min ta WhatsApp, ɗaya ma shi ne na biyu a yawan kallo.

Bala: Ka ji ko?

Usman: Huɗu cikin nawa? Kuma ka yi musu sharhi ko haka ka ɗora su?